Zaɓi uku na haraji a gaban ƙungiyar manoma: yadda ake taƙaita takardar ba tare da an ɓatar da mambobi ba

Kafin hukumar haraji ko ma'aikatar kuɗi ta sauya doka, takan fitar da takardar neman shawara. A ciki takan bayyana matsalar da take gani, ta jera hanyoyi biyu ko uku da za a iya bi, ta yi tambayoyi, sannan ta sa ranar rufe karɓar amsa. Idan irin wannan takarda ta shafi ƙungiyar gama kai ta manoma, sai a miƙa ta ga sakatare ko ma'aji a ce ya taƙaita ta domin kwamiti da babban taro. A nan ne ake yawan yin kuskuren da ya fi damuna. Mai taƙaitawa yakan bi takardar babi bayan babi yana rage tsawonta, shafi sittin ya koma huɗu, kuma duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Amma mambobi su saurara har ƙarshe ba su san nawa za a cire musu ba, a wace shekara, kuma daga aljihun wa. Hukuma ta rubuta takardarta ne da idon mai tara kuɗin shiga. Aikin mai taƙaitawa shi ne ya ɗauki kowane zaɓi ya ɗora shi a kan littafin lissafin ƙungiyarsa.

Sai an fara fahimtar dalilin da ya sa harajin ƙungiyar gama kai yake da sarƙaƙiya. Ƙungiya tana sayen amfanin gona daga hannun mambobinta a kan wani farashi, ta tara, ta adana, ta sayar, ta biya ɗawainiya. Abin da ya yi saura a ƙarshen shekara shi ne rara. Tun zamanin masu shagon Rochdale a Ingila a 1844, al'adar ƙungiyoyin gama kai ita ce a mayar wa kowane mamba wani ɓangare na wannan rarar gwargwadon cinikin da ya yi da ƙungiya, ba gwargwadon jarin da ya zuba ba. To shin wannan rarar riba ce irin ta kamfani, ko kuwa cikon kuɗin kayan manomi ne da aka jinkirta biyansa? Duk wata takardar neman shawara a kan wannan batu, amsar wannan tambayar take nema, ko da ba ta fito fili ta faɗa ba. Ƙasashe sun amsa ta hanyoyi daban-daban. A Amurka, tun daga 1962, ƙungiya tana cire abin da ta mayar wa mambobi daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, mamba ne zai biya a nasa ɓangaren. A Faransa an yafe wa ƙungiyar manoma harajin cinikinta da mambobi, an bar ta ta yi ciniki da waɗanda ba mambobi ba har zuwa kashi 20 cikin ɗari na cinikinta, ta biya haraji a kan wannan ɓangaren.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na kwatance ne, na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi, kuma kowane irin kuɗi aka sa musu, hukuncin bai sauya ba. Ƙungiya ce mai mambobi 400. A shekara mai kyau rararta takan kai miliyan 40. Ta saba mayar wa mambobi miliyan 24, ta riƙe miliyan 16 a asusun ajiya. Kashi 15 cikin ɗari na kayan da take saye daga hannun manoman da ba mambobi ba ne. A yanzu ba ta biyan harajin riba ko kaɗan, kamfanoni kuma suna biyan kashi 30.

Takardar ta kawo zaɓi uku. Na farko, a ɗora kashi 10 a kan dukkan rarar. Na biyu, a cire abin da aka mayar wa mambobi, a ɗora kashi 30 a kan abin da aka riƙe, sannan ƙungiya ta cire kashi 5 daga rabon kowane mamba ta miƙa wa hukuma. Na uku, a yafe rarar da ta fito daga ciniki da mambobi, a ɗora kashi 30 a kan wadda ta fito daga waɗanda ba mambobi ba, amma idan cinikin waje ya wuce kashi 20 cikin ɗari, yafiyar ta faɗi gaba ɗaya a wannan shekarar.

Tun kafin a taɓa lissafi, akwai abin da ya kamata a duba: da me takardar take kwatanta zaɓuɓɓukanta? Sau da yawa za ka ga ta kira su rangwame, domin tana auna su da kashi 30 na kamfanoni, wanda a misalinmu zai zama miliyan 12. Idan mai taƙaitawa ya kwafo wannan kalma, mambobi za su ji kamar alheri ake yi musu. Alhali ƙungiyar ba ta biyan komai a yau, don haka dukkan zaɓin uku ƙarin nauyi ne. Dole layin farko na kwatancen ya zama halin da ake ciki yanzu, ko da takardar ba ta lissafa shi cikin zaɓuɓɓuka ba.

A shekara mai kyau lissafin ba shi da wuya. Zaɓi na farko ya ci miliyan 4. Na biyu ya ci miliyan 4.8 daga abin da aka riƙe, da ƙarin miliyan 1.2 da aka cire daga rabon mambobi, jimilla miliyan 6. Na uku ya ci miliyan 1.8 kacal, domin kashi 15 na miliyan 40 shi ne miliyan 6, kuma a kansa kawai harajin ya hau. Wanda ya tsaya a nan zai rubuta cewa na uku ya fi sauƙi, na biyu ya fi tsada, taro ya ɗaga hannu a wuce wurin. Wannan ita ce taƙaitawar da na fi tsoro, saboda tana da alƙaluma, kuma mutane suna yarda da alƙaluma.

Matsalar ita ce noma ba ya tafiya a kan shekara ɗaya. A ce damina ta yi gardama, mambobi suka kawo kaya kaɗan. Ƙungiya tana da alkawarin da ta ɗauka da masu saye, tana da sito da ma'aikata da dole a biya, don haka ta fita ta cike gurbin daga hannun wasu manoma. Cinikin waje ya tashi daga kashi 15 zuwa 22, rara kuma ta sauka zuwa miliyan 25. A zaɓi na farko harajin ya zama miliyan 2.5. A na biyu, idan aka raba miliyan 15 aka riƙe 10, ƙungiya za ta biya miliyan 3 ban da abin da ake cirewa daga mambobi. A na uku kuwa an tsallake iyaka, yafiya ta faɗi, kashi 30 ya hau kan dukkan miliyan 25, wato miliyan 7.5. Da cinikin wajen ya tsaya a kashi 20 daidai, miliyan 1.5 za a biya. Bambancin kashi biyu cikin ɗari na saye ya ninka harajin sau biyar, kuma hakan ya faɗo ne a shekarar da manoma suka fi rauni. Zaɓin da ya fi arha a lokacin wadata shi ne ya fi cizo a lokacin ƙunci. Irin wannan iyaka ba abin da aka ƙirƙira don misali ba ne. A dokar Jamus, ƙungiyar manoma tana rasa yafiyarta idan kuɗin da ta samu daga harkokin da yafiyar ba ta shafa ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari na dukkan abin da ya shigo mata.

Saboda haka ba na yarda da taƙaitawar da ta gwada zaɓi a kan shekara guda. A ɗauko littattafan shekaru biyar da suka wuce, a fitar da mafi kyau da mafi muni, a gwada kowane zaɓi a kan duka biyun. Idan ƙungiyar ba ta taɓa ware sayen mambobi da na waje a littafinta ba, wannan ma labari ne da ya kamata ya shiga taƙaitawar, domin yana nufin zaɓi na uku zai buƙaci sabon tsarin rubuta rasit a kowane wurin awo, kuma wani ne zai biya kuɗin wannan aiki.

Akwai wani abu kuma a ƙarƙashin zaɓi na uku da ba a gani sai an karanta ma'anonin kalmomi, waɗanda galibi a ƙarshen takarda ko a ƙananan rubutun ƙasan shafi suke. Wane ne mamba? Idan miji ne ya yi rajista amma matarsa ko ɗansa ya kawo kaya da sunansa, cinikin ciki ne ko na waje? Wanda bai biya kuɗin shekara ba fa? Sannan me ake ƙirgawa a cikin cinikin waje: sayen amfanin gona kawai, ko har da hayar tarakta ga maƙwabta da kuɗin ruwan da banki ya biya a kan ajiya? Ƙungiyar da take ganin tana kan kashi 15 tana iya samun kanta a kan 19 idan aka faɗaɗa ma'anar. Haka kuma yadda za a ware rarar waje. Ni na raba ta ne gwargwadon yawan kaya, shi ya ba da miliyan 6. Idan doka ta ce a bi ainihin ribar da aka samu a kowane ɓangare, kuma ƙungiya tana sayen kayan waje a farashi ƙasa da wanda take ba mambobi, rarar wajen za ta fi haka. Inda takardar ta yi shiru a kan irin waɗannan, kada mai taƙaitawa ya cike gurbin da zatonsa. Ya rubuta a fili cewa takardar ba ta faɗa ba, ya nuna lissafin ta fuska biyu, ya sa batun cikin tambayoyin da ƙungiya za ta mayar wa hukuma.

Zaɓi na biyu ne ya fi buƙatar natsuwa, domin harajinsa ba adadi tsayayye ba ne, ya dogara da abin da ƙungiya ta yanke. Da za ta mayar wa mambobi dukkan miliyan 34 da suka fito daga cinikinsu, harajinta zai sauka zuwa miliyan 1.8, daidai da na zaɓi na uku, kuma babu wata iyaka da za a ji tsoron tsallakewa. Sai dai abin da zai rage a asusun ajiya bai wuce miliyan 4.2 ba. Wato wannan zaɓi ba rara yake ci ba, ajiya yake ci. Ƙungiyar gama kai kuwa ba ta da hanyar tara jari da ta fi ajiyar rara, tunda ba ta sayar da hannun jari a kasuwa kamar kamfani. A ce ƙungiyarmu tana son gina sabon sito, tana buƙatar ware miliyan 14 kowace shekara. A zaɓi na biyu sai ta riƙe miliyan 20 kafin 14 su tsira bayan haraji, rabon mambobi ya sauka daga 24 zuwa 20. Wannan jimla guda ta fi wa manomi amfani fiye da shafi goma na bayanin manufa, domin ta gaya masa cewa kuɗin sito zai fito daga rabonsa, da kuma nawa.

A nan sanin yadda wasu suka warware matsalar yana da amfani, domin amsar ƙungiya ba dole ta tsaya ga karɓa ko ƙi ba. A tsarin Amurka, ƙungiya tana iya rubuta rabon mamba da sunansa, ta biya shi aƙalla kashi 20 cikin ɗari a hannu, ta riƙe sauran a matsayin jarinsa da za a biya shi daga baya, kuma duk da haka a cire mata dukkan rabon daga abin da za a ɗora wa haraji, muddin mamban ya amince a lissafa shi cikin kuɗin shigarsa. Ana kuma ba ta wata takwas da rabi bayan ƙarshen shekarar lissafi ta kammala wannan. Don haka tambayar da ya kamata a nema a cikin takardar ita ce: me ake nufi da an mayar wa mamba? Sai kuɗi ya shiga hannunsa, ko rubutawa da sunansa ma ta isa? Kuma cikin wata nawa? Idan rubutawa ta isa, zaɓi na biyu ya zama wani abu daban, ƙungiya za ta iya gina sitonta ba tare da kashi 30 ya ci ajiyar ba. Idan kuma an ce sai an biya cikin wata uku, alhali kaya suna kwance a sito ana jiran farashi ya tashi, to dokar za ta tilasta sayarwa da wuri ko cin bashi.

Sai batun da jimillar ƙungiya take ɓoyewa, wato yadda nauyin yake rabuwa tsakanin mambobi. A cikin 400 ɗin nan, a ce 100 manyan manoma ne da rabonsu ya kai 150,000 kowanne, 300 kuma ƙanana ne masu samun 30,000. Kashi 5 da ake cirewa zai zama 7,500 daga babba, 1,500 daga ƙarami. A ido kamar an yi adalci. Amma babban manomi yana da rajistar haraji, yana cike takardar shekara, don haka abin da aka cire masa za a rage shi daga harajin da dama zai biya, bai yi asarar komai ba. Ƙaramin kuwa abin da yake samu bai kai inda haraji yake farawa ba. A doka yana da haƙƙin a mayar masa da 1,500 ɗinsa, a aikace kuma wahalar nema ta fi kuɗin, don haka zai bar su. Daga cikin miliyan 1.2 da aka cire, 450,000 na ƙananan ne asarar gaske, kuma ta faɗa kan waɗanda doka ba ta ma nufi ta karɓi komai daga gare su ba. Ga shi kuma a ƙungiyar gama kai kowane mamba ƙuri'a ɗaya yake da ita. Ƙanana su ne masu rinjaye a taro, manya su ne masu rinjaye a ciniki, kuma sau da yawa su ne a kwamiti. Taƙaitawar da ba ta nuna lissafin mamba babba da na ƙarami gefe da gefe ba ta ɗauki ɓangare, ko mai rubuta ta bai yi niyya ba.

Zaɓi na farko ba shi da ɗimbin sharuɗɗa, kuma wannan shi ne ƙarfinsa: ana iya sanin harajin tun kafin shekara ta ƙare. Abu ɗaya za a bincika, ko rabon da mamba ya karɓa bayan an cire kashi 10 za a sake ɗora masa haraji a hannunsa. Idan haka ne, kuɗi ɗaya ya sha haraji sau biyu.

Wani abin da ya cancanci layi biyu a taƙaitawa shi ne inda hukumar ta karkata. Takardu da yawa suna cewa ba a yanke komai ba, amma akwai alamu. Zaɓin da aka ba shafuka masu yawa, aka haɗa masa daftarin sashen doka da ranar fara aiki, shi ne ake so. A duba tambayoyin ma. Idan a kan zaɓi ɗaya ana tambayar ko ya dace, a kan wani kuma ana tambayar yadda za a aiwatar da shi, to an riga an yi nisa da wanda ake tambayar aiwatar da shi. Shi ya sa na fi son a fara karanta irin wannan takarda daga tambayoyinta da ma'anonin kalmominta, a bar gabatarwa sai daga baya. Amma wannan karatu ne na mai taƙaitawa, ba maganar hukuma ba, kuma dole ya faɗi hakan.

Wannan rabewa ita ce ƙashin bayan amana a aikin gaba ɗaya. Abu uku ne suke cikin taƙaitawa: abin da takarda ta ce, abin da lissafinmu ya nuna, da abin da marubuci yake gani ya fi. Kowanne ya zauna a wurinsa da alamarsa. Maganar takarda a sa mata lambar sakin layin da aka ɗauko ta, don mai shakka ya koma ya duba. Lissafi a rubuta alƙaluman da aka fara da su da shekarar da suka fito. Ra'ayi kuma a ajiye shi a ƙarshe da sunan mai shi. Na ga ya fi kyau a yi rubutu biyu, shafi ɗaya da za a karanta da baki a babban taro, mai ɗauke da ranar rufe amsa, shawarar da ake so taro ya yanke, da abin da zai sami mamba ƙarami da babba a shekara mai kyau da mara kyau, sannan shafi uku ko huɗu na kwamiti masu cikakken lissafi. Ranar rufewar ma a ƙirgo ta baya, domin idan tsarin mulkin ƙungiya ya ce sai an ba da sanarwar kwana 21 kafin taro, wa'adin mako shida da hukuma ta bayar ya riga ya ragu da rabi. Hanyar gane ko taƙaitawa ta yi kyau mai sauƙi ce. A ba ma'aji ko mai binciken kuɗi ita kaɗai, ba tare da takardar asali ba, a ce ya sake fitar da alƙaluman. Idan ya kasa, akwai zaton da aka ɓoye a ciki. Sannan a tambayi wani mamba da ya saurara ya faɗi nawa zai rasa a kowane zaɓi.

Da ni ne zan rubuta sashen ra'ayi ga wannan ƙungiya ta misali, ba zan ce a zaɓi na uku yadda yake ba, duk da arharsa a shekara mai kyau. Zan ce ƙungiya ta goyi bayansa da sharaɗi biyu: a auna iyakar kashi 20 a kan matsakaicin shekaru uku, kuma idan an tsallake ta, harajin ya tsaya a kan rarar cinikin waje kawai, wanda a mummunar shekararmu zai zama miliyan 1.65 maimakon 7.5. Idan alamu sun nuna hukuma ta karkata ga na biyu, amsar ta mayar da hankali ga neman a amince da rabon da aka rubuta da sunan mamba, kuma a daina cire kashi 5 daga duk rabon da bai kai wani adadi ba. Kowace buƙata a rubuta ta ƙarƙashin lambar tambayar da ta dace da ita a takardar, tare da alƙaluman ƙungiyar na shekaru biyar, domin jami'an da ke tattara amsoshi tambaya bayan tambaya suke bi, kuma hujjar da ba ta zauna ƙarƙashin wata lamba ba tana iya ƙarewa cikin tarin sauran ra'ayoyi.